Tallan man shafawa: a faɗi kuɗin da aka karɓa tun a layin farko

A Suleja, inda ɗimbin ma'aikatan tarayya ke kwana su yi sammako zuwa Abuja, sau da yawa mace kan fara ganin sabon man shafawa a wayarta kafin ta gan shi a kasuwar IBB. Wata mai tarin mabiya ce za ta ɗaga kwalba ta ce ga sirrin fatarta. Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne an biya ta.

Wasu na ganin sun fita haƙƙi da zarar sun liƙa #ad a ƙarshen rubutun da ke ƙarƙashin hoto. Ba su fita ba. Instagram na datse rubutu bayan layin farko ko na biyu, sai an taɓa more sauran ya fito, kuma kaɗan ne ke taɓawa. Ga kuma batun harshe: wadda ta yi bidiyonta da Hausa ta ɓoye sanarwar a haruffa biyu na Turanci ta san wa take ɓoye wa. Alamar Paid partnership da manhajar ta tanada tana da amfani, amma ita ma Turanci ce, ba ta kuma bin bidiyon idan aka tura shi WhatsApp. Shi ya sa ya kamata a furta da baki.

A ce kamfani ya ba ta kuɗi, da kwalabe kyauta, da kaso cikin duk cinikin da aka yi da lambarta ta rangwame. Rubutu na gaskiya zai fara ne kamar haka: "Talla ce. Kamfanin ya biya ni, ina kuma samun kaso idan kuka saya da lambata. Sati biyu na yi ina shafawa." Jumlar ƙarshe ta fi nauyi, domin illar man da aka cakuɗa da sinadarin sitiroyid, irin su siraran fata da nankarwa, takan ɗauki watanni kafin ta bayyana. Shaidar sati biyu ba ta kai a ce mai ba shi da lahani ba.

Dokar 2022 da ta kafa ARCON a madadin APCON ta shafi tallan intanet, kuma daga Janairun 2023 hukumar ta buƙaci masu tasiri su kai tallansu a tantance kafin su wallafa. A shekarar ce NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Saboda haka "talla ce" ba ta wanke wadda ta tallata haɗin gida marar lambar rajistar NAFDAC. Lambar ma a rubuta ta cikin bayanin, don mai saye ta gwada da wadda ke jikin kwalbar da aka miƙo mata.