Fom ɗin kadara da ke kulle a durowa

Jama'a, duk lokacin da aka rantsar da sabbin kwamishinoni sai a kwashe su zuwa otal, a yi musu bitar ɗa'ar aiki ta kwana biyu, a raba jaka da alawus. Ni dai ban yarda wannan na gyara hali ba. Wa ya kai kujerar kwamishina bai san cin hanci laifi ne ba?

Dokar kanta ba ta da laifi. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa jami'in gwamnati ya bayyana kadarorinsa da basussukansa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata idan ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka, har da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. Wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta kama da ƙarya, tana iya tsige shi, ta ƙwace dukiyar, ta hana shi muƙami har shekara goma.

To ga inda gizo ke saƙar. A ce kwamishina ya rubuta gida biyu ranar shiga. Bayan shekara huɗu gidaje sun zama shida, amma huɗun da sunan ƙaninsa aka yi takardunsu. Fom na biyu zai fito tsaf, gida biyu. Doka ta ce abin da ka aikata ta hannun wakili kamar kai ka aikata, kuma dukiyar da kuɗin shigarka na halas bai iya saye ba, kai za ka kawo hujjar inda ka samo ta. Amma wa zai tona? Dillalin da ya haɗa cinikin ya sani, birkilan da ya ɗora bulo ya sani, maƙwabta ma sun sani. Babu ɗayansu da zai ga fom ɗin. Kundin ya ce ɗan ƙasa na iya duba shi bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya, hukumar kuwa ta sha hana masu nema da hujjar cewa ba a gindaya su ba.

Shi ya sa fom kan fito ne idan an ɓata da mutum. An gurfanar da Bukola Saraki a 2015, Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2018. An samu Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen da laifi a 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2024. Ƙaramin ma'aikacin da ke kallo, me kuke zato ya koya? Ya koyi kada ya saɓa da na sama, shi ke nan.

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buɗe nasa ga kowa a 2007, babu dokar da ta tilasta masa. Abin da nake so mu nema ke nan daga duk wanda zai zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wasu: kwafin fom ɗin ranar shiga da na ranar fita, a manna su inda birkilan nan zai iya karantawa.