Ku Cire Ctrl+Z Daga Jikin Biron Zanenku, Allonku Lafiyarsa Ƙalau

Yau da masu zane nake, waɗanda suka tara kuɗi suka sayi allon zane mai biro suna jona shi da kwamfuta. Na san wasu ba za su ji daɗin maganata ba, amma sai na faɗa: shawarar da ake ta yawo da ita cewa ka ɗora Ctrl+Z a maɓallin jikin biro, muguwar shawara ce. Haka ma ɗabi'ar kwafo saitin wani daga bidiyo ba tare da ka duba wace manhaja yake amfani da ita ba. Waɗannan biyun su ke sa mutane suna zagin allo mai lafiya, har su sayar da shi a kan asara.

Ni gyaran waya nake yi, amma duk abin da ke da waya a jikinsa shagonmu ake kawowa. Kwanaki wani yaro mai zanen katun ya zo mini da allonsa mai maɓalli shida, ransa a ɓace. Ya ce: "Oga, jabu aka sayar mini. Maɓallin ɗaukar kala ba ya aiki, kuma layukan da na zana ɓacewa suke yi da kansu." Har ya samu wanda zai saya rabin kuɗi, shi kuma ya ciko ya sayi mai maɓalli takwas.

Ban kwance ko noti ɗaya ba. Na buɗe Notepad, na shiga direban allon na mayar da maɓallan zuwa haruffa, na danna su ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya rubuta harafinsa. Na biron ma haka, in dai bakinsa yana kusa da fuskar allo, domin biron da ba ya da batir daga allon yake samun wuta, in ka ɗaga shi ya wuce kamar santimita ɗaya ba a jin sa. Wannan gwajin ku riƙe shi: matuƙar maɓalli ya rubuta harafi a Notepad, to lafiyarsa lau, matsalar tana cikin saiti.

Ga abin da mutane ba su gane ba. Maɓallin allo bai san kala ba, bai san burushi ba. Aikinsa kawai ya yi kamar an danna wani abu a kibod ko a linzami. Direba ya aika, manhaja ta fassara. Yaron nan bidiyon wani mai Photoshop ya kalla, ya ɗora Alt a matsayin ɗaukar kala. A Photoshop daidai ne, a Clip Studio Paint ma daidai ne. Amma shi da Krita yake zane, kuma a Krita Ctrl ake riƙewa a taɓa wurin da ake son kalarsa. Laifin farko ke nan, kuma ba na allo ba ne.

Na biyun shi ya fi ciwo. Ctrl+Z yana maɓallin ƙasa na biro, daidai inda yatsansa ke kwanciya. Yana cikin zane ya ɗan matse biron, layin da ya gama ja ya tafi. Wani lokaci layin yana can wani gefen da ba ya kallo, bai ma san ya tafi ba. Sai ya ja sabon layi. To a nan asarar take, domin da zarar ka yi sabon abu bayan Undo, hanyar Redo ta rufe. Ba ka da yadda za ka dawo da abin da ya goge sai dai ka sake zanawa.

Masu kare wannan saitin suna cewa ai Undo shi ne abin da mai zane ya fi dannawa, dole ya zama mafi kusa. Na yarda ana yawan danna shi. Amma hannu biyu Allah Ya ba ka. Ɗayan yana nan a gefen allo ba ya komai, babban yatsansa na kan maɓalli, ba ya da nisa ko kaɗan. Kuma maɓallin biro shi ne aka fi dannawa bisa kuskure. Hankali ba zai ɗauka a ce umarnin da ke goge aiki shi za a ajiye a wurin da aka fi yin kuskure ba. Ba a ajiye fetur a gefen murhu don kawai ana yawan buƙatarsa.

Ƙa'idata mai sauƙi ce. Biro ya ɗauki abin da ko ka danna shi bisa kuskure ba abin da zai lalace, kuma abin da ke buƙatar inda bakin biron yake. Allo ya ɗauki sauran. Sannan kafin ka ba wa kowane umarni maɓalli, ka fara ba wa Ctrl da Shift da Space wuri, domin su ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ga yadda na jera wa yaron, na Krita:

```
Biro, na ƙasa:  Space
Biro, na sama:  Right Click
Allo 1:  M
Allo 2:  E
Allo 3:  Shift
Allo 4:  Ctrl
Allo 5:  Ctrl+Z
Allo 6:  Ctrl+S
```

Yanzu ku lissafa da ni. Ka riƙe Space ka ja biro, takarda ta matsa. Ka haɗa Shift da Space ka ja, takarda ta juya. Ka haɗa Ctrl da Space ka ja, ta matso ko ta yi nisa. Ka riƙe Shift kaɗai ka ja, burushi ya ƙara girma ko ya ragu. Ka riƙe Ctrl kaɗai ka taɓa, ka ɗauki kala. Maɓalli uku, aiki biyar. Wanda ya bi hanyar kowane aiki da maɓallinsa, zai kashe biyu a girman burushi, biyu a matso da takarda, biyu a juya ta. Shida sun ƙare bai ko ɗauki kala ba, sai ya fara cewa allonsa ya yi masa kaɗan.

Da gangan na raba su, Space a biro, Ctrl da Shift a allo. A biro da yawa maɓallan biyu a jikin abu ɗaya suke mai lilo, in ka danna ƙasa sama ya ɗaga, ba za su dannu tare ba. Ko da a rabe suke, yatsa ɗaya ke kula da su. Duk wanda ya sa Ctrl da Space duka a biro ya kashe haɗinsu da hannunsa.

Right Click kuma a Krita yana buɗe wata da'ira a daidai bakin biro, mai ɗauke da burusan da ka fi so da wurin zaɓen kala. Ka taɓa shi bisa kuskure, sake dannawa ya rufe, ba abin da ya ɓaci. E yana mayar da burushin da ke hannunka magogi, ka sake dannawa ya dawo burushi. M yana juya maka hoton kamar a madubi don ka ga inda fuska ta karkace, kuma kallo kawai yake juyawa, ba ya taɓa zanen. Ctrl+S kuwa ba sai na yi wa mai zaune a ƙasar nan bayani ba. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar aiki a kwamfutar tebur, ko a laftof mai mataccen batir, ya san darajarsa. In allonka maɓalli huɗu gare shi kamar Wacom Intuos, ka riƙe Shift da Ctrl da E da Ctrl+Z, sauran biyun ka bar su a kibod.

Wani zai ce to ni ina aiki da manhaja biyu, kullum sai na sake saiti? A'a. Direbobin Wacom da Huion da XP-Pen duk suna bari ka ƙara manhaja ka yi mata saitinta daban. Ka buɗe Krita tukuna, ka shiga direba, ka danna alamar ƙari a wajen jerin manhajoji, ka zaɓe ta, sannan ka jera maɓallan. Ka sake yi wa Photoshop nata. A can Alt zai hau kujerar Ctrl wajen ɗaukar kala. E ɗinta ma halinsa daban: in ka danna ka saki, ka zauna a magogi ke nan sai ka danna B ka koma burushi, amma in ka riƙe shi ka yi gogenka ka saki, da kansa zai mayar da kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya yi saitin a ƙarƙashin wata manhaja, ya buɗe wata, ya ga babu abin da ya canja. Ka duba sunan da aka haskaka a sama kafin ka taɓa komai.

In ka yi duk wannan amma Right Click na biro ya ƙi buɗe da'irar a Windows, kada ka koma zagin allo. Ka shiga Settings, Configure Krita, Tablet Settings. Akwai zaɓi biyu, WinTab da Windows 8+ Pointer Input. Na biyun yana tafiya ne da Windows Ink, don haka in shi ka zaɓa dole akwatin Windows Ink ya kasance a kunne a direba. Ka gwada ɗayan, ka rufe Krita ka sake buɗewa, domin canjin ba ya kamawa sai an yi haka. In komai ya zauna, ka adana saitin direban a fayil, ka tura shi wayarka. Ranar da aka yi wa kwamfutarka fomat za ka gode mini.

Masu jona allo da waya ta OTG, gaskiyarku daban ce, kuma ba zan ɓoye muku ba. Direban da ake wannan saitin da shi na kwamfuta ne. A waya, allo da yawa abin da aka ɗora wa maɓallansu daga kamfani shi suke aikawa, wasu ma shiru za ka ji. Saboda haka kada wani mai shago ya ruɗe ka da yawan maɓalli in da waya kaɗai za ka yi zane. Ka je da wayarka, a jona a gabanka, ka buɗe manhajar da kake zane da ita ka danna kowane. Undo kuwa a ibisPaint yatsa biyu za ka taɓa a fuskar waya, an gama.

Yaron nan bai sayar da allonsa ba. Kwana biyun farko ya kira ni yana ƙorafi wai yatsansa yana ta neman Undo a biro, takarda kawai yake matsarwa. Na ce masa to ka gani, da saitinka na da ne, duk waɗannan dannawar da layukanka suka tafi. Na sa ya liƙa 'yar takarda a gefen maɓallan ya rubuta aikin kowane, kuma kada ya canja komai sai ya yi mako guda.

Wanda har yanzu yake ganin Ctrl+Z a biro ya fi, bismillah, filin sharhi na nan a ƙasa. Amma ka faɗa mana manhajar da kake zane da ita, da adadin maɓallan allonka, sannan ka gaya mana tsakaninka da Allah sau nawa ka nemi layi ka rasa.