Kumburi Ba Ƙiba Ba Ne

A unguwanninmu na Maraɗi da Damagaram, yarinya siririya ba ta rasa sunan tsokana. Sillan kara, tsinken tsire, sandar rake da aka tsotse. Manya kan ɗauki wannan wasan yara ne, su yi murmushi su wuce. Mu da muke zama a zauren mai unguwa muna rubuta ƙorafin jama'a, mun ga inda wasan yake kai wasu, kuma ra'ayinmu shi ne wanda ya fi cancanta ya tare wannan ɓarna ba uba ba ne, ba malami ba ne, gwaggo ce.

Akwai wata yarinya ƴar shekara 15, ƴar fari a gidansu, doguwa, marar jiki kamar dangin ubanta. Ƙawayenta huɗu suka sa ta gaba. In an yi ankon biki sai su ce zane ba ya zama a ƙugunta, in an ɗauki hoto sai su tura ta baya. Babbarsu, wadda jikinta ya cika cikin ƴan watanni, ta kai ta wurin mai tallan magani a kan tire, suka sayo ƙananan ƙwayoyi da kuɗin karin kumallonta. Ta riƙa shan biyu kowane dare, a ɓoye, har kusan wata biyu.

Ƙwayar nan deksametazon ce, wadda ƴan mata ke gajarce wa suna deksa, wasu kuma su haɗa ta da sauran irinta su kira su sha-ka-fashe. Magani ne na gaske, likitoci na ba da shi ga mai tsananin asma ko kumburin gaɓoɓi, da awo da ƙayyadadden lokaci. Wanda ya daɗe yana shan sa ba da dalili ba, yakan ji yunwa ba ƙaƙƙautawa, ruwa ya taru a jikinsa, kitse ya koma fuska da ƙeya da ciki. Abin takaicin shi ne naman cinya da na ƙugu, wato ainihin wurin da yarinyar ke son ya cika, shi ne maganin ke zaizayewa. Sai a wayi gari fuska ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya turo, ƙafafu kuwa sun ƙara sirancewa. Bayan wannan akwai abin da ido ba ya gani da wuri: hawan jini, hauhawar sukari, raunin ƙashi, rikicewar al'ada, da ciwo ƙarami da zai ƙi warkewa.

Uwar yarinyar ta ga kumatu sun fito, ta yi hamdala. Ba ma zarginta. Tsakanin uwa da ƴar fari akwai kunyar da muka gada, wadda ta kai wasu iyaye ko sunan ɗan fari ba sa kamawa, balle su zaunar da ita a yi zancen ƙirji da ƙugu. Maƙwabta ma cewa suka yi yarinya ta yi kyau, hutu ya karɓe ta. A nan ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu, domin ƙawayen nan ba daga sama suka ɗauko ma'auninsu ba. Mu ne muke tarbar amarya bayan wata uku da cewa ta yi ƙiba, mijinta na kula da ita. Mu ne in mun ga mace ba jiki muke tambaya ko lafiya, ko kishiya ce ta hana ta sakat. Yara sun ji, sun riƙe, sun nemo gajeriyar hanya.

Gwaggonta, ƙanwar uban, ita ce ta lura. Ta zo kwana biyu, ta ga yarinyar na tashi tsakar dare tana kankarar tukunya, ta ga fuska ta cika amma zoben hannunta da munduwarta ba su matse ba, ta kuma hangi nankarwa mai duhu a gefen cikinta lokacin da take ɗaura zane. Ba ta ce uffan ba a gaban mutane. Ta ce wa uwar a ba ta aron ɗiyarta ta taya ta aiki mako guda. A can gidanta, suna tsinke zogale, ta ce: "Ɗiyata, ni ma da wannan jikin na yi ƴanmatancina, kuma na san abin da ake faɗa wa irinmu. Me suka ba ki kike sha?" Yarinyar ta yi shiru, sannan ta fashe da kuka, ta kwance bakin ɗankwalinta ta miƙa sauran ƙwayoyin. "Gwaggo, don Allah kada Baba ya ji," in ji ta.

Abin da gwaggon ta yi bayan wannan shi ne ya sa muka ga labarin ya cancanci rubutawa. Da yawanmu da mun watsa ƙwayoyin a masai nan take, mu ce daga yau kada a ƙara. Wannan kuwa haɗari ne babba. Jikin mutum yana da wani sinadari da yake samarwa da kansa wanda deksa ke kwaikwayo, kuma in an sha maganin ya wuce kimanin mako uku, jiki kan rage samar da nasa. In aka yanke rana ɗaya, sai kasala mai tsanani ta zo, da amai, da jiri, jini ya faɗi, har abin yakan kai ga rasa rai. Gwaggon ta taɓa jinyar mai asma, ta san da haka. Washegari ta ɗauki yarinyar da kwalin maganin zuwa likita, aka auna jininta da sukarinta, aka tsara mata yadda za ta riƙa rage ƙwayar sannu a hankali cikin makonni. Gwaggon ce ta riƙe maganin a hannunta, tana ba ta gwargwadon abin da aka rubuta.

Ta kuma yi mata bayanin da babu wanda ya taɓa yi mata: yarinya takan fara miƙewa a tsawo, cikar jiki ta biyo baya a hankali har wajen shekara 18 ko fiye, kuma kowace da tsarin gidansu. Ta ɗauko tsohon hoton aurenta ta nuna mata. Ba ta ce mata kyau ba kome ba ne, don ta san ƴar shekara 15 ba za ta yarda ba.

Wasu dattawa sun ce gwaggon ta yi laifi da ta ɓoye wa yayanta har mako biyu, wai uba ne ke da haƙƙin sani. Muna girmama wannan magana, amma ba mu bi ta ba. Da ya ji a ranar farko, da bulala ce za ta fara magana, da maganin ya tsaya kwatsam, da kuma yarinyar ta koyi cewa faɗin gaskiya shi ne kuskurenta. Gwaggon ba ta hana shi sani ba, lokaci ta zaɓa, kuma ta gaya masa da kanta bayan an fara ragin. Ƙanwa tana iya gaya wa yayanta abin da matarsa ba za ta iya ba.

Kumburin fuskar ya ɗauki watanni kafin ya sauka, nankarwar kuwa ta dusashe amma ba ta ɓace ba. Da mai unguwa ya ji, ya roƙi malamar Islamiyya ta karanta wa ɗalibanta aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta ambaci mata a keɓe wajen hana izgili, ta kuma hana jifa da munanan laƙabi. An karanta, an yi sharhi. Sauran ƴan matan huɗu kuwa, gwaggon ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ba wurin iyayensu maza ba, wurin gwaggwanninsu da innoninsu. Biyu an kai su likita. Gida ɗaya an ce mata ƴarsu ƙibar gado ce, aka rako ta har bakin ƙofa.