Yarjejeniyar haya mai harshen damo: wa zai ɗauki asarar?

Tun da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi a 2003, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati na Abuja, ma'aikacin tarayya da bai mallaki muhalli ba ya koma ɗan haya kamar kowa. A Kubwa, Lugbe, Gwarinpa ko Nyanya, takardar da ke tsakaninsa da titi sau da yawa fom ne da dillali ya daɗe da bugawa, yana cike guraben suna da kuɗi, sannan ya ƙara layi ɗaya ko biyu da biro idan ciniki ya faɗa. Akan sa hannu cikin gaggawa, domin wani mai neman gidan yana jira a waje. Ranar da rigima ta tashi, kotu ba za ta duba kirkin mai gida ko matsin ɗan haya ba. Takardar za ta karanta, kuma tana da tsarin da take bi wajen karatun.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar wata ma'aikatar tarayya da ta kama gida mai ɗaki biyu a Kubwa kan naira miliyan 2.4 a shekara, daga 1 ga Maris. Sakin layi na bakwai na fom ɗin, wanda na'ura ta buga, ya ce ɗan haya zai biya kuɗin hidimar gida, wato na mai gadi da kwasar shara da famfon rijiyar burtsatse, daban da kuɗin haya. Amma a gefen adadin kuɗin, dillalin ya rubuta da hannunsa cewa kuɗin hidima na ciki, shi da ita kuma suka sa hannu a wurin. Bayan wata huɗu sai mai gida ya aiko da takardar neman naira 300,000, yana kafa hujja da sakin layi na bakwai.

Matakin farko na kotu shi ne ba kalmomi ma'anarsu ta yau da kullum, tare da karanta takardar gaba ɗayanta, ba a tsinci layi guda a watsar da saura ba. Idan akwai hanyar da sharuɗɗan biyu za su zauna tare ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba, ita za a bi. A nan babu wannan hanya, domin kuɗi ɗaya ba zai kasance a ciki kuma a waje ba. A irin wannan karo, rubutun hannu ne ke rinjayar na bugu. Ƙa'idar tsohuwa ce a dokar Ingila da Najeriya ta gada, kuma an fi danganta ta da hukuncin Lord Ellenborough a shari'ar Robertson da French ta 1803. Dalilinta a fili yake: bugaggen fom an tanade shi ne domin duk wanda ya zo, yayin da abin da aka rubuta da hannu kalmomi ne da waɗannan mutum biyu suka zaɓa domin wannan ciniki. Da wannan ma'auni, abin da aka shigar da na'ura musamman saboda gidan ya fi ƙarfin sharuɗɗan da ke zaune a fom tun asali, adadin da aka rubuta da kalmomi kuma yakan rinjayi na alƙaluma idan sun saɓa. Saboda haka naira 300,000 ɗin ba ta hau kan ma'aikaciyar ba.

Sai dai ƙarfin biro yana da sharaɗi. Dole ya tabbata cewa an yi ƙarin kafin a kammala takardar, ko kuwa da yardar wanda ƙarin zai hau kansa. Dokar Shaida ta 2011 ta hana wanda ya gabatar da takardar da aka sauya wani muhimmin ɓangarenta cin moriyarta, sai idan ya cika ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Da a ce rubutun dillalin yana kan kwafin ma'aikaciyar kaɗai, babu sa hannu a gefensa, kwafin mai gida kuma fes yake, to muhawarar za ta tashi daga ma'anar kalmomi ta koma kan wanda ya rubuta da lokacin da ya rubuta. Daga nan sai kiran shaidu, wani lokaci har da masanin rubutun hannu, shari'ar wata uku ta zama ta shekaru. Alamun hatsarin suna da sauƙin ganewa tun ranar farko: kwafi biyu da ba su yi daidai ba, gyara marar sa hannu, da sakin layin da aka ce an soke amma ba a ja masa layi ba.

Rigima ta biyu a wannan takarda ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi zama a gidan kansa. Fom ɗin ya ce hayar ta shekara ɗaya ce tak. A ƙasa kuma dillalin ya ƙara da biro cewa ana sabuntawa duk shekara. A tsakiyar Fabrairu mai gida ya samu wanda zai biya fiye da haka, ya ce wa'adi na ƙarewa a ƙarshen wata. Bambancin da ke tsakanin fassarorin biyu ba ƙarami ba ne. A ƙarƙashin Dokar Karɓar Gidajen Haya da ke aiki a Babban Birnin Tarayya, idan yarjejeniya ba ta ƙayyade wa'adin notis ba, mai hayar mako yana da mako guda, mai hayar wata yana da wata guda, mai hayar wata uku-uku yana da wata uku, mai hayar shekara-shekara kuma yana da rabin shekara. Amma hayar da aka yanke wa ranar ƙarewa tana mutuwa da kanta idan ranar ta zo, abin da ya rage wa mai gida kawai shi ne notis na kwana bakwai na niyyarsa ta zuwa kotu. Kalmomi uku ko huɗu na dillali su ne tsakanin wata shida da mako ɗaya.

A nan rinjayen rubutun hannu bai warware komai ba, domin shi kansa rubutun harshen damo gare shi. Ana iya fahimtarsa da cewa hayar za ta ci gaba shekara bayan shekara muddin ana biya. Ana kuma iya fahimtarsa da cewa za a sabunta ne idan ɓangarorin biyu sun sake amincewa. Ma'aikaciyar na iya rantsuwa cewa dillali ya ce mata ta zauna har sai ta gaji, amma sashe na 128 na Dokar Shaida ya hana, in ban da wasu keɓantattun yanayi, a kawo maganar baka domin sauya ko ƙara wa abin da aka rubuta. Idan kotu ta duba takardar duka da yanayin da aka ƙulla ta, shakkar kuma ba ta gushe ba, sai ta koma ga ƙa'idar da ke cewa magana mai ma'ana biyu ana fassara ta ne a kan wanda ya tsara ta. Mai gida, ta hannun dillalinsa, shi ke riƙe da alƙalami. Yana da damar rubuta cewa sabuntawa sai da sabuwar yardarsa a rubuce, bai yi ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Wannan ƙa'ida adalci ce, kuma ta dace da kasuwar gidaje irin ta Abuja, inda mai neman gida ba shi da bakin sauya fom. Amma kuskure ne ɗan haya ya ɗauke ta garkuwar da za ta kare shi daga kowane sharaɗi mai tsauri. Makami ne na ƙarshe, ba a zaro shi sai sauran hanyoyin fassara sun gaza. Idan takarda ta faɗa ƙarara cewa notis na wata ɗaya ya wadatar ko da hayar ta shekara ce, babu shakkar da za a fassara, kuma kotu ba ta sake rubuta wa baligai yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Haka nan ƙa'idar ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, mai tsara magana kaɗai ta sani. Da ma'aikaciyar ce ta kawo kalmomin sabuntawar ta ce a rubuta su haka, a kanta shakkar za ta faɗa. Idan kuma lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi ta kai da komo a kan kowane layi, ƙarfin ƙa'idar yakan ragu ƙwarai, tunda ba a iya nuna mutum ɗaya a ce shi ne marubuci. Wannan ya shafi hadiman manyan jami'ai da ake aikawa su kama wa iyayen gidansu gida ko ofis a Maitama da Asokoro: duk layin da hadimi ya ƙara da hannunsa, maigidansa ne zai amsa shi.

Abin da ya kamaci ɗan haya bai wuce aikin minti goma ba. Duk abin da aka yi alkawari da baki ya shiga takarda. Idan ƙarin ya ci karo da wani sakin layi, a ja wa tsohon layi a soke shi, ɓangarorin biyu su sa hannu da kwanan wata a gefen gyaran, a kan kowane kwafi. Kalmar sabuntawa kuma kada a bar ta tsirara: a faɗi wanda ke da ikon nema, da lokacin da zai nema, da kuɗin da za a biya ko yadda za a ƙayyade shi, domin alkawarin sabuntawa da bai ambaci kuɗi ba yakan zama ƙofar wata sabuwar shari'a.

Nauyin bai tsaya kan ɗan haya ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke yi wa Babban Birnin Tarayya doka, kuma dokar haya da Abuja ke amfani da ita ta tsufa, alhali Jihar Legas ta sabunta tata tun 2011. Lokaci ya yi da za a tanadi fom na bai-ɗaya mai sauƙin harshe, wanda zai tilasta a fayyace nau'in haya, wa'adin notis, kuɗin hidima da sharaɗin sabuntawa, tare da fassararsa cikin manyan harsunan ƙasa. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ƙungiyoyin ma'aikata na iya fitar da irin wannan samfuri tun kafin doka ta zo. Kafin nan, masu gidaje da dillalansu su sani cewa duhun da suke bari a takarda da zaton zai ba su mafita, a gaban alƙali su yake fara rufewa.