Mako guda ba nama: wake goma a kan shinkafa ba zai ishe ka ba

1/ Masu yin mako guda ba nama, ku matso. Yawancinku cire nama kawai kuka yi, ba ku sa komai a gurbinsa ba. Ranar Laraba jiri ya ɗebe ku, sai ku dawo nan kuna cewa ai jikin Bahaushe ba ya yi sai da nama. Ba haka ba ne. Lissafin ne ba ku yi ba.

2/ Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 48, a ce 50. Wannan ne bashin da za ka biya kowace rana, da nama ko babu.

3/ Dafaffen naman sa giram 100 yana da furotin kusan giram 26. Dafaffen wake giram 100 kuwa kusan 8 ne, don ya sha ruwa ya kumbura. To ka ga in ka cire nama, wake ninki uku za ka zuba. Nan ne mutane ke faɗuwa.

4/ Garau-garau ɗin da kuke ɗorawa, wanda sai an sa ido kafin a hango waken, wallahi shinkafa da mai da yaji ce. Ciki zai cika, amma bayan awa biyu yunwa ta dawo. Kofi guda cur na dafaffen wake ake so a faranti, shi ne zai ba ka giram 13.

5/ Ga kwana ɗaya na mai kilo 60. Safe: ƙwai biyu da burodi, ƙwan kaɗai giram 12. Rana: kofin wake da kofin shinkafa, 13 da 4. La'asar: gyaɗa cikin tafin hannu, kusan 7. Dare: tuwo da miyar kuka, da awara giram 100, aƙalla 10.

6/ Haɗa: 46 ke nan, ba a ma ƙirga burodi da tuwon ba, kuma su ma suna da nasu. Ka wuce 50 ba tsoka ko ɗaya. To ina batun "sai da nama"?

7/ Masu cewa furotin ɗin tsiro ba cikakke ba ne, da gaskiyarku rabi. Gero, dawa, masara da shinkafa suna da ƙarancin wani sinadari, laisin. Wake yana da shi da yawa, shi kuma abin da ya gaza a kai hatsi na da shi. Koko da ƙosai ma haɗin ke nan. Ba dole a faranti ɗaya ba, cikin yini ɗaya ya isa.

8/ Amma gyaɗa ba wake ba ce. Kusan rabinta mai ne, kuma ita ma laisin ɗinta bai kai na wake ba. Wanda ya wuni a kan kunun gyaɗa bai maye gurbin nama ba. Ƙuli-ƙuli ya fi ta furotin, tunda an matse man. A daka shi a zuba a kwaɗon zogale.

9/ Kuma a tsince ta. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar. Gubar afilatoksin tana lalata hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita. Araha ba ta ado a nan.

10/ Waken suya shi ne ya fi kusa da nama. Sharaɗinsa wuta: ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana jiki narkar da furotin, don haka madararsa sai ta tafasa sosai. Awara kuma ba sai an tsoma ta a mai kullum ba. A yanka ta cikin miya kamar nama.

11/ Kumburin ciki fa? Gaskiya ne, musamman kwanakin farko. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan, a dafa ya yi laushi. A rage kanwa, yawanta na lalata bitamin. In ba ka saba ba, fara da rabin kofi.

12/ Inda nama ya fi, ba zan ɓoye ba: sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Na wake bai shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Lemo, gwaba ko ɗanyen tumatir tare da abinci suna taimakawa. Shayi a kan abinci yana rage shigarsa, a jinkirta shi awa guda.

13/ Bitamin B12 kuwa babu shi a wake, gyaɗa ko waken suya. Ƙwai da nono ne za su ba ka. A mako ɗaya ba damuwa, hanta na ajiye na shekaru. Mai juna biyu, mai ƙarancin jini da mai ciwon ƙoda su ji ta bakin likita tukuna.

14/ Don haka kafin Litinin: wake, waken suya ko awara, gyaɗa mai kyau, da ƙwai 14. Wanda ya yi haka har kwana bakwai ya ce jiri ya kama shi, ya zo mu ga hoton farantinsa.