Dala ko Sefa: Abin da Babin Hanyoyin Bincike Ya Kamata Ya Faɗa

Ɗalibin da ya yi amfani da rigireshan mai ma'aunai da yawa yakan zaci cewa aikinsa ya kammala da zarar kwamfuta ta fitar da jadawali. Sai dai darajar kundin tana ga bayanin yadda aka samo lambobin tun farko.

A ƙaddara wani ɗalibin Jami'ar Douala ya zanta da 'yan kasuwa Hausawa 120 a unguwar New Bell, yana neman sanin alaƙar cinikin yini da abubuwa uku: jari, shekarun da mutum ya yi a sana'a, da yawan harsunan da yake ji. Wajibi ne babin hanyoyin bincike ya bayyana yadda aka zaɓi mutanen, sannan ya kawo tsarin lissafin:

y = b0 + b1x1 + b2x2 + b3x3 + e

Abin da ya fi muhimmanci shi ne awon kuɗin. A ƙasashen sefa Bahaushe yakan ƙirga da dala, wato sefa biyar, saboda haka "ɗari" a bakinsa sefa 500 ce. Idan aka rubuta jari da sefa, ciniki kuma da dala, b1 zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, alhali p da R² ba za su motsa ba, jadawalin kuma ba zai tona kuskuren ba. In kuwa wasu amsoshin kaɗai aka cakuɗa, zanen ragowar kuskure yakan nuna ɗigo sun rabu gungu biyu. Don haka dole ne babin ya faɗi a wane harshe aka yi tambaya, da yadda aka mayar da amsa zuwa sefa.

A babin sakamako, a ce an rubuta jari da dubban sefa, ciniki da sefa, b1 ya fito 40, kuskuren ƙiyasinsa kuma 15. Da mutum 120 da ma'aunai uku, ana ninka 15 da kusan 1.98, tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari ta kama daga kusan 10 zuwa 70. Jimlar da ta dace ita ce: tsakanin 'yan kasuwar da shekarunsu a sana'a da harsunansu suka zo ɗaya, ƙarin jarin sefa 1,000 yana tafiya da ƙarin cinikin kusan sefa 40 a yini. Wanda ya rubuta "sakamakon yana da muhimmanci" kawai ya ɓoye wa mai karatu girman alaƙar da faɗin shakkar.

Wani zai ce wannan taka-tsantsan yana rage wa kundi armashi, gara a ce jari ne ke kawo ciniki. Amma zantawar lokaci guda ba ta iya tabbatar da haka, domin ciniki mai kyau shi ma yana ƙara jari, rumfar bakin hanya kuma tana iya haɓaka duka biyun. Ɗalibin da ya rubuta "yana haddasawa" zai rasa amsa ranar kare kundi idan malami ya tambaye shi wanne ya riga wani.