Kada Rubutun Jikin Waya Ya Ruɗe Ka, Auna Ƙarfen Ciki

Duk wanda ke ginin gida ko shago a Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya san yadda ake yi. Idan aka zo kan wayarin, sai a damƙa wa mai gyaran wuta kuɗi ya tafi Sabon Garin Zariya ko Kano. In ya dawo, maigida ya duba rubutun jikin waya, ya ga `2.5mm²`, shi ke nan. A ganina, nan ne kuskuren yake, domin babu abin da ya fi rubutu sauƙin kwaikwayo.

Rubutun yana da amfaninsa. Waya ta gaske tana ɗauke da sunan kamfani da kauri da ƙarfin wutar da take jurewa, a maimaice har ƙarshenta. Takardar da ke jikin naɗin kayan gida kuma takan nuna alamar MANCAP ta hukumar SON. Idan ka murza rubutun ya goge, ka bar ta. Amma idan bai goge ba, saura gwajin gaske.

A yanko guntu a feɗe robar. Waya mai sili ɗaya ta 2.5 tana da kaurin milimita 1.78, ta 1.5 kuwa 1.38, kuma ƙaramin ma'aunin kauri irin na makanikai zai nuna maka. Sannan ka kankare silin da wuƙa. In fari ya bayyana, alminiyum ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Sikeli ma shaida ne: jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 2.5 ya kai kilo 2.2, ban da roba.

Ga inda haɗarin yake. A ce an sa maka 1.5 da sunan 2.5, a bayan bireka mai amfiya 20. Ka kunna hita mai wat 3,000 da dutsen guga mai wat 1,200, wato kusan amfiya 18. Birekar ba za ta faɗi ba, don ba a kai adadinta ba, alhali siririyar wayar tana fitar da zafin da ya fi na ta gaske da kashi biyu cikin uku. A hankali robar ta ƙone cikin silin.

Haka fulogi: ganin `BS 1363` bai isa ba. Buɗe shi, ka fasa fis ɗaya. Na gaske cike yake da yashi mai kashe tartsatsi. Bireka kuwa, in ka ji ta sakayau a hannu, ka yi shakka, domin wata jabun makunni ce kawai.

Shawarata, ka bi mai gyaranka kasuwa, ka nemi rasit mai sunan kamfani da kauri. Ɗan kasuwar da ya hana ka yanko guntu ka auna, ya riga ya ba ka amsa.